Kamance da Siffantawa: Inda Hanyarsu Ta Rabu

A Zariya, gab da Yaƙin Duniya na Biyu, an fitar da abubuwa biyu waɗanda duk wanda ya taɓa zama ajin Hausa ya ji sunansu, kuma dukansu da hannun Abubakar Imam a ciki. Ɗaya littafin Magana Jari Ce, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939. Ɗayan kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a watan Janairun 1939, Imam yana editanta na Hausa. Ɗalibin sakandare da ke zaune a Unguwar Gai ta ƙasar Kibiya, yana juya littafinsa yana neman bambancin kamance da siffantawa, ya daɗe yana furta amsar da bakinsa bai lura ba. Tana cikin waɗannan sunaye biyu.

Sunan jaridar ya ɗauko gaskiya ya ajiye nan, ya ɗauko kwabo ya ajiye can, sa'annan ya auna su ya ce ɗaya ta rinjayi ɗaya. Abubuwa biyu ne, kowanne yana wurinsa, ga kuma kalmar da ta yi awon, wato fi. Wannan shi ne kamance. Sunan littafin kuwa bai yi awo ba. Bai ce magana tana kama da jari ba, bai ce ta fi jari ba. Ya ce ita kanta jari ce. An cusa abu ɗaya cikin rigar wani, an bar mai karatu ya gano dalili da kansa: ashe mai iya magana yana juya ta ta haifar masa da riba yadda ɗan kasuwa ke juya kuɗinsa. Wannan ita ce siffantawa.

Da a nan zancen ya tsaya, da ba mai faɗuwa wannan tambaya a jarrabawa. Amma ana faɗuwa, kuma galibi ta hanya ɗaya. An koya wa yaro cewa in ya ga kalmar kamar to kamance ne, in bai gani ba siffantawa ce, shi ke nan ya haddace ya rufe littafi. Dokar tana aiki a jimloli masu sauƙi, sai dai ranar da aka kawo masa baitin da ya ɗan karkace, sai ta yashe shi a tsakiyar hanya. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe ya fi kalma ɗaya zurfi kaɗan, amma bai da wuya.

Malaman Balaga sun daɗe da rarraba kamance gida huɗu, kuma ɗalibin da ke zuwa Islamiyya ko zauren malam da yamma zai iya cin karo da wannan rabo a can, da sunan tashbihi. Akwai wanda ake kamantawa. Akwai abin da aka kamanta shi da shi. Akwai kalmar da ta haɗa su. Sa'annan akwai fuskar kama, wato halin da su biyun suka yi tarayya a kai. A ɗauki manomi a kira shi Tanko, don misali kawai, a ce: Tanko kamar bijimi yake wajen ƙarfi. Ga Tanko, ga bijimi, ga kalmar kamar, ga ƙarfi. Huɗun sun cika, ba a bar wa mai sauraro aikin komai ba.

Yanzu a fara zare su ɗaya bayan ɗaya. In aka cire fuskar kama, sai a ce Tanko kamar bijimi yake. Har yanzu kamance ne, domin Tanko yana gefe, bijimi yana gefe, kalma tana tsakaninsu, sai dai mai sauraro ne zai cike gurbin da kansa: ƙarfi ake nufi, ko girman jiki, ko faɗa? In aka ƙara cire kalmar haɗi, sai a ce Tanko bijimi ne. Nan aka tsallaka iyaka. Ba a sake cewa suna kama ba, an mayar da su abu guda, kuma a ajin Hausa wannan ita ake kira siffantawa. Akwai ma mataki na huɗu, inda za a ɗauke sunan Tanko gaba ɗaya. Ranar gayya ce, matasa sun jeru a bakin kunya, sai ga shi tafe da garma a kafaɗa, wani ya ɗaga murya ya ce, ku ba da hanya, bijimi ya iso. Ba wanda zai waiga yana neman sa mai ƙaho. Kowa ya san wanda ake nufi, domin wurin da lokacin sun bayyana shi.

Akwai wata 'yar matsala a nan da ke rikita yara masu ƙwazo, waɗanda ke karatu gida biyu. A wurin malaman Balagar Larabci, irin su waɗanda suka bi sawun Abdulƙahir al-Jurjani, mai littafin Asrarul Balaga wanda ya rasu a 1078, jimla irin ta Tanko bijimi ne ba ta fita daga tashbihi ba tukuna, tunda an ambaci ɓangarorin biyu. Suna kiranta tashbihi baligi, wato kamance mafi kai wa matuƙa. Sai an ɗauke ɓangare ɗaya, an ce bijimi ya iso, sa'annan suke kiranta isti'ara. Littattafan nazarin Hausa kuwa sun sa iyakarsu mataki ɗaya kafin nan. Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowane fanni da inda ya kafa shingensa. Abin da ake so ga ɗalibi shi ne ya san a wane aji yake zaune lokacin da yake ba da amsa. A takardar Hausa, Tanko bijimi ne siffantawa ce.

Su kansu littattafan Hausar ba su haɗu a kan suna ɗaya ba. Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano, mai Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, da Abdullahi Bayero Yahya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, mai Salo Asirin Waƙa, suna cikin waɗanda suka shimfiɗa waɗannan kalmomi ga masu nazari. A wani littafi za a ga kamantawa, a wani kamance. Abu ɗaya ne. Ɗalibi ya bi wadda malaminsa ke amfani da ita, kada ya ɗauka salo biyu ne daban.

To me ya sa za a damu da wannan iyaka, tunda bambancin kamar kalma ɗaya ce? Amsar tana bakin mutane, ba sai an buɗe littafi ba. A ce wata uwa a Unguwar Gai tana zaune da maƙwabciyarta da yamma, ɗanta ya wuce ɗauke da damin dawa na ƙarshe, gumi ya jiƙa masa riga. Ta dube shi ta ce, yaron nan tun asuba yake aiki kamar jaki. Maƙwabciya za ta ce Allah ya yi masa albarka, domin tausayi ta ji a cikin maganar, da yabo. Kalmar aiki ta tsare ma'anar, ta ce daga cikin halayen jaki guda ɗaya aka ɗauko, juriyar ɗaukar kaya, sauran an bar wa jaki abinsa. Amma a ce wani ne ya tsaya a bakin hanya ya nuna yaron ya ce, wannan jaki ne. Wannan zagi ne tsagwaronsa, kuma in ba a yi sa'a ba sai an raba faɗa. Dabbar ba ta sauya ba, yaron bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne an cire shingen, sai mai sauraro ya ɗauko halin da Hausawa suka fi sanin jaki da shi in ana maganar mutum, wato rashin fahimta da taurin kai.

Haka kura. Wanda aka ce yana tafiya kamar kura, tafiyarsa kaɗai aka taɓa, ƙila ƙafa ke masa ciwo yana jan ta. Wanda aka ce kura ne, an taɓa mutuncinsa: haɗama, cin abin da aka ba shi ajiya, ga tsoro in an yi ido biyu. Daga nan ɗalibi zai ga aikin kowanne. Kamance yana iya nuna daidai wurin da ake so a duba, shi ya sa malami mai bayani da mai ba da labari suke yawan jingina da shi. Siffantawa tana ɗora wa mutum abin gaba ɗayansa, shi ya sa ta fi nauyi a yabo, ta fi zafi a zambo, kuma ta fi saurin ɓata wa marubuci magana in bai san abin da jama'arsa ke gani a jikin dabbar ko bishiyar da ya ɗauko ba.

Wannan nauyi ne ya sa kirari ya fi son siffantawa. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, a zamaninsu in sun zo yabon sarki, sukan kira shi giwa ko zaki ko bijimi kai tsaye, domin a gaban sarki cewa yana kama da giwa rage masa daraja ne. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda aka kashe ranar 15 ga Janairun 1966, har yau in aka ce Gamji shi ake nufi. Gamji itace ne babba mai faɗin ganye da yalwar inuwa, kuma duk wanda ya taɓa fakewa a gindinsa da rana tsaka ya san abin da masu kirarin suka hango. Kano kuma ana ce mata tumbin giwa, abin da ke haɗiye duk abin da aka zuba masa bai cika ba. Ba wanda ya ce Kano kamar tumbin giwa take. Da an faɗi haka, da kirarin ya zama bayani.

Sai dai a yi hattara, ba kowane laƙabi ne siffantawa ba. Ga misali a ƙofar gida. Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma ana yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Wannan suna daga labarin Bayajida ya fito, inda aka ce 'ya'yan Bawo ne suka kafa mafi yawan garuruwan, na Rano shi ne ƙaraminsu. Dangantaka ce ta asali ake tunawa, ba wani hali ne aka aro daga dabba ko itace aka ɗora ba. Tambayar da za ta raba gardama ita ce: akwai abubuwa biyu mabambanta jinsi da aka haɗa saboda wani hali da suka yi tarayya a kai? A Gamji akwai, mutum da itace, inuwa ta haɗa su. A Autan Bawo tarihi ne ya yi magana.

Wannan tambaya ita ce kuma maganin tarko na farko, wato kalmar ne ko ce. Tanko manomi ne, wannan labari ne kawai, domin Tanko mutum ne kuma noma sana'ar mutane ce. Tanko bijimi ne, in aka ɗauke ta a zahirinta ƙarya ce, kuma wannan ƙaryar ta zahiri ita ce alamar cewa akwai adon harshe a ciki. Duk jimlar da za a iya rantsuwa a kanta yadda take, ba siffantawa ba ce. Ba dole ma sai ne ko ce sun fito ba. Hausawa suna cewa magana zarar bunu, suna cewa duniya budurwar wawa, ba tare da wata kalmar haɗi ba. An jera sunaye biyu kawai, na biyun ya rufe na farkon. Wanda ya taɓa zare bunu daga jinkar ɗaki ya gwada mayar da shi inda yake, ba ya bukatar a fassara masa ta farkon.

Tarko na biyu ya fi kama yara, shi ne ita kalmar kamar ɗin da suka dogara da ita. Tana da ayyuka da yawa a Hausa waɗanda ba ruwansu da adon harshe. Manomi ya dubi gabas ya ce kamar za a yi ruwa yau, zato yake yi. Wani ya ce mutum kamar ashirin suka zo gayyar, kimantawa ce ta adadi. Malamar aji ta ce a ƙasar Kibiya ana noma hatsi kamar gero da dawa da masara, misali take kawowa, domin gero ai hatsi ne, ba kama da hatsi yake yi ba. Mai wa'azi ya ce kamar yadda aka faɗa a baya, tuni yake yi. A duk huɗun nan babu abubuwa biyu mabambanta da aka jera don a haska ɗaya da ɗaya. Ɗalibin da ya ja layi a ƙarƙashin kowace kamar ya rubuta kamance, zai yi asarar maki a banza.

Juyin wannan ma yana faruwa: kamance ya zo babu kamar a ciki ko kaɗan. Tamkar tana nan, da sai ka ce, da kama da, da daidai da, kuma a waƙoƙin mutanen Sakkwato da Zamfara za a riƙa jin awa. Waɗannan duka na kamancen daidaito ne, inda aka ce abu biyu sun zo ɗaya. Bayan shi akwai kamancen fifiko, mai amfani da fi ko wuce ko ɗara ko zarce, kuma nan ne sunan jaridar nan ta Zariya ya faɗa. Akwai kuma kamancen kasawa, inda ake cewa abu bai kai wani ba, ko ya gaza shi, ko ya kasa shi. Yaron da kamar kaɗai ya haddace, in ya ga an ce zuciyarsa ta fi dutse tauri, sai ya duba bai ga kalmarsa ba, ya rubuta siffantawa. Alhali ga zuciya, ga dutse, ga fi, ga tauri, rukunan nan huɗu sun cika cif.

A nan ma akwai sharaɗi. Bala ya fi Audu tsawo awo ne na zahiri, ana iya tsayar da su a jikin bango a gani. Bala ya fi rimi tsawo kuwa ado ne, domin an fita daga jinsin mutane an ɗauko itace, har da ɗan kambamawa a ciki.

Ya kamata a gwada duk wannan a kan abu guda daga farko har ƙarshe, yadda za a yi a ɗakin jarrabawa. Ga wasu layuka shida da aka tsara musamman don wannan darasi, irin kirarin da za a iya yi wa manomi a bakin gona:

Tanko bijimin gona,
Tafinsa tamkar bayan kuka,
Rumbunsa ya fi dutsen Rano cika ido,
Raggo bai kai ƙurar sawunsa ba,
Kamar hadari ya haɗo daga gabas,
Dawa ta sunkuya tana gaishe shi.

Layin farko babu kalmar awo. An ɗauki Tanko an kira shi bijimi, kuma a zahiri ba bijimi ba ne, saboda haka siffantawa ce. Amma amsa ba ta cika da faɗin suna kawai ba. Mai duba takarda yana son ya ga ɗalibi ya fito da fuskar kamar da mawaƙi ya ɓoye. Kalmar gona ita ce jagora: ba bijimin faɗa ake nufi ba, na huɗa ne, saboda haka ƙarfi da juriyar aiki ake yabo. Ɗalibin da ya rubuta haka ya nuna ya karanta layin, ba tsintar kalma ya yi ba.

Layi na biyu yana da tamkar, kuma abubuwan biyu jinsinsu daban, tafin hannun mutum da ɓawon itacen kuka. Kamancen daidaito ke nan. Ba a faɗi fuskar kama ba, sai ɗalibi ya nemo ta: kauri da taurin fata, kanta irin wadda ƙotar fartanya ke bari a hannun wanda bai san hutu ba. Layi na uku ya zo da fi, kamancen fifiko, kuma a nan mawaƙi ya faɗi fuskar da bakinsa, cika ido. Duk wanda ya doshi Rano ya ga yadda duwatsunta suke tsaye a kan garin, ya san rumbu ba zai kai haka ba, don haka yana da kyau a ƙara da cewa akwai kambamawa tare da kamancen. Salo biyu suna iya zama a layi ɗaya, kuma faɗin haka ƙarin maki ne, ba ruɗewa ba.

Layi na huɗu shi ne kamancen kasawa. Ba a ma auna raggo da Tanko ba, an auna shi da ƙurar da ƙafar Tanko ta tayar, aka ce ko ita bai kai ba. Yabo ne ga ɗaya, zambo ga ɗaya.

Layi na biyar ne ramin da aka haƙa, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Yana farawa da kamar, hannu zai yi saurin rubuta kamance. A dakata a tambaya: wa aka kamanta da wa? In mawaƙin sama yake kallo yana cewa da alama ruwa na tafe, to zato ne, babu ado a ciki. In kuwa tahowar Tanko yake nufi, wato ya doso gona kamar hadarin da ya haɗo daga gabas, to kamance ne mai kyau, fuskarsa kwarjini da alkawarin albarka, tunda daga gabas hadarin damina ya saba tasowa a ƙasar nan. Me zai raba? Layukan da ke kewaye da shi. Huɗu na sama duk a kan Tanko suke, na ƙasa ma ya ce dawa tana gaishe shi, wato ya iso. Saboda haka ma'ana ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ɗalibi ya rubuta kamance tare da wannan hujja. Da layin shi kaɗai aka kawo, ba abin da ke gabansa ko bayansa, da zato ya fi kusa. Layi ba ya yanke wa kansa hukunci, sai an dubi maƙwabtansa.

Na shida ba kamance ba ne, kuma ba siffantawa irin ta layin farko ba ce. Ba a ce dawa mutum ce ba, an ba ta aikin mutum ne, sunkuyawa da gaisuwa. Wannan shi littattafai ke kira mutuntarwa, reshe na jinsintarwa. An sa shi a nan ne don ɗalibi ya san ba duk abin da ya rasa kamar ne ke faɗawa kwandon siffantawa ba.

Akwai gwaji ɗaya mai sauƙi da ke taimakawa in shakka ta zo, shi ne juyawa. In ana zaton layi siffantawa ne, a sa masa kamar a gani. Tanko bijimin gona zai koma Tanko kamar bijimi yake a gona, ma'ana ta tsaya, ƙarfi ne kawai ya ragu, to zaton ya tabbata. A gwada da Tanko manomi ne, sai ta koma Tanko kamar manomi yake, ma'ana ta rushe, har ta koma nufin ba manomin ba ne. Wannan ya nuna tun farko babu ado a cikinta. Amma gwajin yana da iyaka, domin ba ya tafiya ta ɗaya hannun kullum. Hausawa suna cewa wuri ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, ko 'yan'uwa biyu sun yi kama kamar an tsaga kara. A cire kamar a nan, ba siffantawa za a samu ba, jimla ce za ta wargaje, saboda abin da aka kamanta da shi aukuwa ce sukutum, ba suna guda ba. Haka kamancen fifiko da na kasawa, ba sa juyuwa, tunda siffantawa ba ta san fi ko gaza ba, haɗewa kawai ta sani.

Wani abu da ɗalibi zai lura da shi in kunnensa ya buɗe: harshen yau da kullum cike yake da siffantawar da ta tsufa har ba a jin ta. Bakin kasuwa, gindin bishiya, wuyan riga, cikin gari. Kasuwa ba ta da baki, riga ba ta da wuya, amma an daɗe ana faɗa har sun zama sunaye. In aka ce a fito da adon harshe daga baiti, ba waɗannan ake nema ba, sai in mawaƙi ya tashe su da gangan, kamar ya ce kasuwa ta buɗe baki ta haɗiye kuɗinsa.

Ga wanda yake son ya rubuta nasa, ba nazarin na wasu kaɗai ba, shawarar ita ce ya ɗauko abin da idonsa ya sani. Yaran makaranta suna yawan rubuta fari kamar ƙanƙarar da ba su taɓa gani tana zuba a kan tsauni ba, ko faɗi kamar tekun da ba su taɓa tsayawa a bakinsa ba, alhali ga auduga, ga nono a ƙwarya, ga madatsar ruwa ta Tiga nan kusa da su. Kamancen da aka aro daga nesa ba ya haska komai, domin aikin kamance shi ne a bayyana abin da ba a sani ba da abin da aka sani. Kuma in an fara siffantawa, a riƙe ta har ƙarshen magana. Wanda ya ce malaminmu fitila ne, sa'annan ya ci gaba da cewa muna sha daga gare ta, ya haɗa fitila da rijiya a jimla ɗaya, mai karatu kuwa zai tsaya yana tunanin yadda ake shan fitila. In fitila ce, sai ta haska, ta kori duhu, a kewaye ta da dare. In sha ake so, a ce rijiya tun farko.

Aikin da ya rage na kunne ne da alƙalami. Ɗalibai na Unguwar Gai da Kibiya da Rano, ku ware shafi biyu a bayan littafinku, ɗaya na kamance, ɗaya na siffantawa. Ranar kasuwa, ko wurin sussuka, ko da daddare in kaka tana faɗa da jikoki, ku rubuta abin da kuka ji yadda aka faɗe shi. A ƙarƙashin kowace jimla ku nuna wanda aka kamanta, da abin da aka kamanta shi da shi, da kalmar haɗi in akwai, da halin da ya haɗa su. Wadda ta gagare ku, ku kai wa malaminku na Hausa ku warware ta tare a aji.